Bakin Wanda Ya Ci Karta: Godiya Ga Kowa, Tsiya Ga Na Biyu

A gidajen da ake taruwa a buga karta lokacin hutun Sallah ko bayan an watse daga biki, wasan ba ya ƙarewa da faɗuwar katin ƙarshe. Da zarar an haɗa lissafi an san wanda ya ci, sai ka ji wani ya ce, "To gwani, a ce wani abu mana." Daga nan ido ya koma kan mutum guda. Abin da zai fito daga bakinsa cikin minti ɗaya ko biyu shi ne zai sa a tashi ana dariya ana sa ranar ramuwa, ko kuwa a naɗe tabarma kowa ya shige ɗaki da abu a ransa. Mutane da yawa sun iya cin wasan, amma kaɗan ne suka iya wannan 'yar maganar. Ina ganin ta cancanci a zauna a dube ta da kyau, domin tana da ƙa'idojinta kamar yadda kartar take da nata.

Kafin a yi nisa, kartar da nake nufi ita ce ta cikin gida wadda ba a sa ko sisi. Kowa ya san sunan karta ya ɓaci a ƙasar Hausa saboda caca, akwai kuma malaman da ba sa son ta ko da babu kuɗi, saboda cin lokaci da shagaltarwa daga salla. Gidan da ya hana, ya hana, kuma a girmama shi. Maganata a kan gidajen da suka yarda da ita ce, inda ake zama bayan sallar Isha'i, kuma abin da gwani yake samu bai wuce damar buɗe baki a gaban 'yan uwa ba.

Wadda aka fi bugawa a irin wannan zama ita ce Wot, wadda ake rubuta Whot a jikin kwalinta. Wani Bature mai suna William Storey ne ya fito da ita a Ingila a shekarar 1935, amma a Nijeriya ta samu gindin zama. Kwalin da muke saya yana da kati 54: masu da'ira 12, masu dala 12, masu kuros 9, masu akwati 9, masu tauraro 7, sai Wot guda 5 masu lamba 20. Ana bin katin da ke ƙasa da irin zanensa ko irin lambarsa, wanda ba shi da abin bi ya tafi kasuwa, wato ya ɗauki ɗaya daga tarin da ke kife. A yawancin gidaje 2 tana sa na gaba ya ɗauki biyu, 5 ta sa ya ɗauki uku, 8 ta tsallake shi, 14 kuma ta aika kowa kasuwa ban da wanda ya jefa ta. Wot tana hawa kan kowane kati, mai ita kuma ya zaɓi zanen da za a bi. Idan wani ya ƙare nasa, sai a ƙirga abin da ya rage a hannun sauran a rubuta musu. Tauraro ninki biyu ake ƙirga shi, Wot kuwa ashirin cur. Wanda ya fi ƙarancin maki a ƙarshen zama shi ya ci.

Na kawo wannan ne domin tsiya mai daɗi daga cikin wasan ake ciro ta. Wanda bai lura da abin da ya faru a kan tabarma ba, idan aka ce ya yi magana, dole ya fita waje neman abin tsokana, a can kuwa ake taka sawun ɓarawo.

Mu ɗauki misalin wani zama na mutum biyar. Akwai budurwar gidan, da taubashinta ɗan gwaggonta da ya zo hutu, da yayanta, da matar yayan, da autan gida. Baffansu ne yake riƙe da biro da takarda, kakarsu kuma tana gefe a kan darduma tana kallo tana sa baki. An yi sharaɗi cewa da zarar wani ya haura maki ɗari an tashi. Kafin zagayen ƙarshe taubashin ne a gaba da 31, budurwar tana bin sa da 44, matar Yaya 58, Yaya 77, Auta 89. Tun farkon dare taubashin yake jan ragama, kuma bai ɓoye jin daɗinsa ba.

A zagayen ƙarshe aka zo inda katin ƙasa akwati ne mai lamba 10. Taubashin yana riƙe da uku: Wot, da tauraro 7, da da'ira 3. Budurwar ce take bin sa a layi, kuma ta riga ta sanar cewa saura biyu a hannunta. Ba shi da akwati, ba shi da 10, saboda haka hanya biyu ce a gabansa. Ko ya saki Wot ya nemi tauraro, ko ya adana ta ya tafi kasuwa. Sai ya zaɓi adanawa, yana so ya rufe wasa da ita a yi masa tafi. Ya ɗauko dala 4, wadda ba ta bi ba. Ita kuwa abin da ke hannunta akwati 14 ne da akwati 11. Ta jefa 14, ta sanar saura ɗaya, kowa ya tafi kasuwa, shi ya ƙaro kuros 1. Da yake a gidan mai 14 shi yake sake jefawa, sai ta ɗora 11 ta tashi.

Da Baffa ya ƙirga hannunsa, Wot ta ba shi 20, tauraro 7 ya zama 14, ga 3, ga 4, ga 1, jimla 42. Aka tara da 31 ya koma 73. Ita tana nan a 44 ɗinta. Matar Yaya ta tashi da 77, Yaya da 89, Auta ya haura zuwa 114, wasa ya ƙare. Abin da kowa ya gani da aka baje katunan shi ne, da ya saki Wot ya nemi tauraro, budurwar ba ta da shi, da ita ce za ta tafi kasuwa. Katin da ya fi ƙarfi a kwalin shi ne ya kayar da shi, don ya ƙi rabuwa da shi a kan lokaci.

Ga irin maganar da nake ganin ta dace da wannan dare, kamar yadda za ta iya fitowa daga bakinta:

"To, alhamdu lillahi. Baffa, Allah ya ƙara girma. Tun bayan Isha'i kuke riƙe da biro, ba wanda ya ce an ci masa maki ko ɗaya, mun gode. Anti, ke kika dafa shayin nan, kuma ke kika jefa mini biyu sau uku a jere har na ɗauka na yi miki wani laifi ne. Wallahi da kin samu kati a zagaye na huɗu da ba ni ce a tsaye ba. Yaya, na ga lokacin da ka tsallake ni da takwas kana kallon sama kamar ba kai ba, na yafe. Auta, kai ka ci zagayen farko tun kafin mu gyara zama, kowa ya shaida. Kasuwa ce ta ƙi ka yau, gobe taka ce. Hajiya kishiyata, kin ce ba zan kai labari ba, to ga shi na kai, sai ki tanadi tukwici.

"Saura mutum ɗaya. Ɗan Gwaggo, ina kake? Ɗago kai mana a gan ka. Jama'a, bawan Allahn nan tun daga tasha yake ba mu labarin yadda ba a taɓa cin sa ba. Kuma gaskiya ya buga, har na fara tunanin abin da zan ce idan na zo ta biyu. Sai ga shi ya samu Wot ya rungume ta, ya ƙi saki. Na ce saura biyu, ya ji da kunnensa, ya dube ta ya ce a'a, wannan ta gado ce. Baffa, don Allah a ba shi ita ya tafi da ita gida ya nuna wa Gwaggo, tun da ya fi son ta da kofi. Amma fa ku sani, duk daren nan ba wanda ya hana ni sakat sai shi. Gobe bayan Isha'i ina nan, kai za ka raba. To, bismilla, rama."

Idan aka karanta ta a hankali ba za ta kai minti biyu ba, kuma haka ya kamata. Mai nasara da ya wuce haka yana magana ya fara cin lokacin mutanen da suka riga suka ba shi darensu.

Abin da ya fi burge ni a irin wannan magana shi ne yadda godiyar take da nama a jikinta. "Na gode wa kowa da kowa" ba ta isa kunnen kowa. Amma da ta ce wa matar yayanta ta jefa mata biyu sau uku a jere, ta nuna mata cewa ta ji zafin bugunta, wanda ya sha kaye kuwa ba abin da yake so ya ji kamar a ce ya ba da wahala. Ta fara da babba, kamar yadda ake yi a kowace gaisuwa, ta kuma tuna da waɗanda ba su riƙe kati ba, mai rubutu da mai shayi da mai kallo. Sannan a duba abin da ta yi wa Auta. Shi ne na ƙarshe, shi ne ƙarami, kuma makinsa ne ya rufe wasan. Ba ta ambaci 114 ba sam. Ta nemo zagaye guda da ya ci ta ɗaga shi, ta ɗora laifin a kan kasuwa. Wanda ya zo na ƙarshe ba a tsokanar sa a bainar jama'a, musamman yaro, domin ba shi da abin da zai kare kansa da shi. Idan aka yi masa dariya yau, gobe zai ce barci yake ji.

Na biyu kuwa yana da abin kariya, shi ya sa tsiyar take sauka a kansa. Ya doke mutum uku, takardar Baffa tana nan tana shaida. Tsokanarsa wata hanya ce ta cewa da kai na yi, kai ne abokin karawata. Sai dai a nan ne kuma ake bukatar hannu mai taushi, don na biyu ya fi kowa jin ciwon faɗuwa. Wasu masana halayyar ɗan Adam uku, Medvec da Madey da Gilovich, sun nazarci fuskokin 'yan wasan Olamfik na Barcelona na 1992, suka wallafa a 1995 cewa waɗanda suka zo na uku sun fi waɗanda suka zo na biyu alamun farin ciki. Dalilin da suka bayar shi ne, na uku yana tunanin saura ƙiris ya tashi a tutar babu, na biyu kuwa yana tunanin saura ƙiris ya ci. Taubashin nan ba ya tunanin mutum ukun da ya wuce. Wot ɗin nan kawai yake gani. Ko an yi shiru a kanta tana ransa, kuma kowa ya san tana ransa. Da budurwar ta fito da ita fili ta mayar da ita abin dariya, ta sauke masa ita ne. Ta kuma haɗa da yabo na gaskiya a gaba da baya: ya buga, kuma ba wanda ya hana ta sakat sai shi.

Sharaɗin shi ne tsiyar ta tsaya a kan kuskure guda, wanda ya faru a daren, wanda kowa ya gani, wanda kuma za a iya gyarawa gobe. Riƙe Wot ya cika duka huɗun. Cika bakin da ya yi tun daga tasha ma halal ne a taɓa shi, tun da shi ya kawo shi da kansa. Abin da ba ya shiga shi ne duk wani abu da zai bi mutum har bayan an mayar da karta kwali. Da ta ce, "Yadda ka riƙe Wot haka ka riƙe jarrabawar nan shekara uku," da za a yi dariya, wataƙila ma ta fi ƙarfi, amma da ta fita daga wasa ta shiga rayuwarsa. Haka maganar aure da ya ƙi zuwa, da haihuwa, da rashin aiki, da bashi, da ƙiba ko rama. Akwai kuma wadda ta fi saurin ɓata zama, wato zargin leƙe ko ɓoye kati a ƙarƙashin cinya. Ko da wasa aka faɗe ta, an taɓa amanar mutum, kuma an zubar da darajar nasarar da ake murna da ita.

Wani abin da ya ba budurwar nan fili shi ne wanda Allah ya sa ya zo na biyun. Ɗan gwaggonta ne. Tsakanin 'ya'yan mace da 'ya'yan namiji akwai wasan taubasantaka tun kaka da kakanni, har da kuɗin shara da ake bi a watan cika-ciki. Haka jika da kaka, shi ya sa ta kira tsohuwar kishiya ba wanda ya ɗaga gira. Haka ƙanin miji ko ƙanwarsa da matar wa. Al'ada ta riga ta buɗe waɗannan ƙofofi, wanda ya yi fushi a cikinsu ma shi ake ba rashin gaskiya. Wannan wasa ya wuce cikin gida, ga na Fulani da Barebari, ga na Kanawa da Zazzagawa, kuma a 2014 hukumar UNESCO ta sa wasan barkwancin Jamhuriyar Nijar cikin al'adun duniya da ake tattalawa. Mai jawabi a daren karta yana aro ne daga wannan tsohuwar rijiya, kuma dole ya san iyakarta.

A sauya mutum ɗaya a labarin, a ce Baffa ne ya ajiye biro ya karɓi kati, shi ya riƙe Wot ya zo na biyu. Kalma ɗaya daga cikin waccan tsiya ba za ta faɗu ba. Ba za ta ce masa ya ɗago kai a gan shi ba. A nan sai a juya tsokanar ta koma kan katin ko kan sa'a: "Baffa, Wot ɗin nan ba ta kyauta muku ba, ku da kuka riƙe ta amana. Ni dai na san sa'a na yi, kuma ban yarda a sake ba sai na yi shiri." An ambaci abin da ya faru, an yi dariya, girma bai zube ba. Idan kuwa suruki ne, ko wani baƙo da bai saba da gidan ba, godiya da yabo sun wadatar, a bar tsiyar ga wanda yake da hurumin yi masa. Sau da yawa kaka ce take karɓar aikin, kuma ta fi kowa iyawa. Yaya na ciki ɗaya yana tsakiya. Ana taɓa shi kaɗan, kamar yadda ta yi masa a kan takwas, amma ba a mayar da shi abin dariyar dare a gaban matarsa.

Ko an kiyaye duk wannan, wani lokaci magana takan zarce, kuma akwai alamu. Idan na biyun yana dariya yana nuna mai magana da yatsa, yana cewa "za ki gani," ko yana katse ta yana kare kansa, lafiya lau, yana cikin wasan. Idan ya yi murmushin da bai kai ido ba, ya shiga tattara katuna yana jera su shiru, ko ya zaro waya, to an wuce gona da iri. Wata alamar ita ce dariyar ta koma ɓangare guda, 'yan ɗakinsu sun yi tsit. Idan har wata babba ta ce "to, ya isa haka," an makara. Gyaran ba dogon ban-haƙuri ba ne, don wannan yana ƙara tona abin. A yanke tsiyar nan take, a faɗi wani bugu mai kyau da ya yi a daren, a miƙa masa kwalin a ce shi zai raba gobe. In akwai sauran magana, a same shi shi kaɗai da safe.

Wannan ya kawo ni ga kalmar da ta rufe da ita, "rama." A ganina ita ce ta fi kowace muhimmanci a jawabin. Tsokanar da ba a ba da damar mayarwa ba cin fuska ce, ko da an yi ta da fara'a. Da ta ce ya rama, ta sauka daga matsayin mai nasara ta koma abokiyar wasa. Shi kuma yana da abin faɗa, domin zai tuna mata cewa tun farkon dare a bayansa take, kuma sha huɗun da ta cece ta daga kasuwa ta tsinto ta. Dole ta tsaya ta sha nata, ta yi dariya, kada ta ce za ta sake mayarwa. Mai nasara ya riga ya samu wasan, bai kamata ya nemi kalmar ƙarshe ma ta zama tasa ba.

Ga duk wanda zai zauna a irin wannan tabarma a hutun da ke tafe, shirin jawabin yana farawa ne tun ana raba kati. Ka riƙa lura da wanda ya jefa maka biyu, da wanda ya ci zagayen da ba a zata ba, da inda na kusa da kai ya yi tuntuɓe. Idan Allah ya ba ka nasara, ka ba kowa abin kirki guda da ya yi, ka ware wa na biyu kuskure guda, ka dubi matsayinsa a wurinka kafin ka buɗe baki, sannan ka yi shiru ka saurari ramuwarsa.